Saƙon Jika da Takardar Duba-gari

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Kaduna, saura kwana ɗaya tak in jawo a rushe wa wata dattijuwa rumfar da take ci take sha da ita. Ban ɗauki guduma ba, ban kai ƙararta ko'ina ba. Takarda kawai na karanta mata.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, mu kuma masaƙar da nake aiki a Kakuri ba ta daɗe da sallamar mu ba. Da ɗan abin da aka ba ni na sayi waya guda, da tebur, da lema mai faɗi, na kafa a bakin titi a Makera. Mutane su zo su buga waya su tafi. Waɗanda ba su da waya kuma, lambata suke bai wa 'yan'uwansu na nesa, saƙo ya shigo ta wajena, ni in je in karanta musu. Mafi yawan saƙonnin da Turanci suke zuwa, don haka ban ankara ba na zama tafintan layinmu. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba. Abin da ke taimakona wani ƙaramin ƙamus ne da bangonsa ya cire, da kuma sauraren rediyo.

Sai in faɗi halina tun yanzu don a gane abin da ya biyo baya. Ni mutum ne mai yawan zullumi. In na kulle ƙofa sai na koma na girgiza kwaɗon sau uku. In na gaida mutum ya amsa a gajarce, yini zan yi ina bin abin da na yi masa a mako biyun da suka wuce. Saƙon mutane kuwa amana na ɗauke shi, har nakan karanta shi sau biyar a zuci kafin in buɗe baki.

Taku goma daga teburina akwai rumfar Hajiya mai waina. Ta haura saba'in, bakinta saura haƙora kaɗan, amma muryarta har tsallaken titi. Rumfar katako ce da rufin langa-langa, ƙafafunta biyu na gaba suna tsaye a kan lambatu, tare da wani dakalin siminti da masu cin waina ke zama a kai. Da wannan rumfa take riƙe kanta tun rasuwar mijinta. Gefenta kuma garejin wani makaniki ne ɗan ƙabilar Ibo, wanda kowa ke kira Oga. A Kaduna ya girma, Hausa a bakinsa tar, sai dai ba ya iya gama magana bai liƙa mata "o" a ƙarshe ba. Shi Mama yake ce mata.

Hajiya tana da jika namiji da ya tashi a Fatakwal wajen aikin mahaifinsa. Yana jin Hausa, yana yi a karkace, amma bai iya rubuta ta ba. Da ya gama jami'a aka tura shi bautar ƙasa wani ƙauye can kudu. Wata safiya saƙonsa na farko ya shigo wayata.

Sai da na sha wahala kafin na warware shi. Lokacin an ƙayyade yawan haruffan da saƙo ɗaya zai ɗauka, shi ya sa samari ke yanke kalmomi, harafi ɗaya ya tsaya a madadin kalma, lamba ta faɗo tsakiyar rubutu kamar ta ɓata hanya. Na kwafe shi a takarda, na cike gurabe, na duba ƙamus. Ga abin da ya fito:

"Tsohuwar matata, har yanzu kina nan ba ki mutu ba? Na samu budurwa a nan, haƙoranta cif-cif babu giɓi. Ki shirya, takardar sakinki na hanya. Ki ajiye min waina. Hahaha."

Na san wasan jika da kaka, ni ma na yi shi da tawa kakar. Amma ni ba jikan Hajiya ba ne. Magidanci ne ni mai 'ya'ya huɗu. Yaya zan tsaya gaban mutane suna cin waina in dubi sa'ar uwata in tambaye ta ko ba ta mutu ba? Maganar za ta fito daga bakina ne, da muryata, kuma mai shayin layinmu yana ji. Na yi ta juya abin har rana ta ɗaga. A ƙarshe na yanke shawarar in sa wa saƙon riga da hula. Na je na rusuna, na gyara murya irin ta mai karanta sanarwa a rediyo.

"Hajiya, saƙo ne daga jikanki. Ya ce: Zuwa ga kakata mai daraja. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ina mai sanar da ke cewa na sauka lafiya, kuma na haɗu da mutanen kirki. Akwai wata takarda da ke nan tafe. Ina neman addu'arki. Naki mai biyayya."

Hajiya ta tsaya da cokalin juya waina a hannu.

"Mai me?"

"Mai biyayya, Hajiya."

"Wane ne mai biyayyar?"

"Jikanki mana."

"Malam mai waya, duba lambar nan da kyau. Ba nawa ba ne."

Na duba, na ce nata ne. Sai ta sa salati. Ta ce yaron da tun yana shekara uku bai taɓa shigowa ya gaishe ta ba sai dai ya ce tsohuwa me kika ɓoye min, shi ne yau zai ce mata mai daraja? Ta ce wannan ba bakinsa ba ne, wani ne ya tsaya a kansa ya sa shi ya rubuta. Mutanen kirkin nan su wane ne? Takardar kuma ta mece ce? Ai ba a aiko da takarda sai daga kotu ko asibiti. Kafin ta gama lissafa masifun da za su iya samunsa, wainar da ke cikin tanda ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika rumfar.

Na so in faɗi gaskiya a nan take, amma faɗin gaskiyar yana nufin in furta maganar haƙora. Na ce mata in sha Allahu alheri ne, na koma ƙarƙashin lemata. Na gwada kiran lambar, ƙauyen nasu sai an hau tudu ake samun sabis.

Washegari Hajiya ko wuta ba ta hura ba. Ta iso da jakar gana-masgo a ka, ta dire a gaban teburina, ta ce in rubuta mata sunan ƙauyen da manyan baƙaƙe, za ta je tasha. Ina ta "Hajiya ki yi haƙuri, Hajiya ki dakata," sai ga Oga ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"Mama, ina zuwa da kaya haka? Aure za ki yi ba ki gaya min ba o?"

Ta ba shi labari. Ya ce in miƙo wayar. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya riƙe ciki ya zauna a kan taya yana dariya har da hawaye.

"Mama, yaron nan ya ce wai ba ki mutu ba har yanzu? Ya ce ya samu sabuwa mai haƙori, ke ya sake ki. Amma ki ajiye masa waina o!"

Na rufe ido ina jiran abin da zai faru. Da na buɗe sai na ga fuskar Hajiya ta washe kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Ɗan banza! Ja'iri! Ai shi ne, wallahi shi ne. Lafiyarsa ƙalau." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma, Malam mai waya, wa ya aike ka? Yaro ya aiko min da dariya, ka kawo min takardar ta'aziyya. Jiya ko tuwo ban iya ci ba."

"Hajiya, nauyin maganar na ji."

"Nauyin me? Kai ka faɗa? Kai bututu ne, ruwan ba naka ba ne. In an zage ni ka kawo min zagina yadda yake, in an yi dariya ka yi min dariyar. Kar ka sake ɗaura wa magana rawani a gabana."

Duk layin aka yi ta yi min dariya har mako ya zagayo. Mai shayi in ya miƙo min kofi sai ya rusuna ya ce, "Naka mai biyayya."

Na ɗauki gyaran da gaske, kamar yadda nake ɗaukar komai. Na koyi fara cewa "in ji shi fa" kafin in saki magana, don kowa ya san ba tawa ba ce. Na koyi barin gajeriyar magana a gajarce, ban ƙara mata gaisuwar da mai ita bai yi ba. In akwai hahaha a ƙarshe, nakan yi 'yar dariya gwargwadon tsawonsa, ko da ba ta zo min ba. Hajiya kuma takan ba ni amsa in mayar da Turanci: a gaya wa mai kan ƙwarya cewa budurwar da ta yarda da shi a kai ta asibitin ido. Nakan zauna da ƙamus ina neman yadda za a ce kan ƙwarya ba tare da ya koma bayanin likita ba. A hankali har na fara jin daɗin aikin. In ta hango ni tafe da waya, tun daga nesa take fara dariya.

Ana haka, gab da faɗuwar damina, wata Litinin da safe ma'aikatan tsabtace muhalli suka bi layinmu suna liƙa takarda a jikin duk rumfar da ta hau lambatu. Hajiya ta tafi niƙa a lokacin. Takarda ce da Turanci, da tambarin hukuma a sama, da sa hannu da hatimi a ƙasa. Oga ya karanta tasa a tsaye, ya janye tayoyinsa da tsohon injin da ya ɗora a kan lambatun, ya share wurin. Da azahar ya tsaya a teburina da jakarsa, zai tafi Anacha sayo kayan mota.

"Malam, ka karanta wa Mama tata ko? Wannan ba ta jikanta ba ce o."

Na ce zan karanta.

Na cire takardar daga jikin rumfar Hajiya na zauna da ita. Ba ta da wuyar ganewa sosai. Ana umartar duk wanda ya yi gini ko ya kafa wani abu a kan magudanar ruwa ya cire cikin kwana bakwai daga ranar da aka rubuta. Wanda bai cire ba, hukuma za ta rushe ba tare da ta sake sanar da shi ba.

A nan zullumina ya tashi. Na farko, Hajiya tana da hawan jini, kuma na ga yadda gaisuwa kawai ta sa ta ɗaure kaya. In na ce mata rushewa, ta faɗi a kan tanda fa? Na biyu, ita da bakinta ta hana ni ɗaura wa magana rawani, kuma muryar rediyon nan ita ta jawo min abin kunya. Na uku, sai na shiga wani tunani da a lokacin na ga kamar hikima ce. Na ce ai wannan irin tsawar ta zamanin soja ce, wataƙila tsohon rubutu ne ba su sake ba. Yanzu farar hula ke mulki, gwamnatin da ta zo har ƙofar gida tana roƙon ƙuri'a ba za ta yi wa tsohuwa tsawa ba. In na sassauta maganar, ai na ma fassara abin da ke zuciyar gwamnati ne.

Da ta dawo na je da takardar, na sami kaina ina yin muryar da nake karanta saƙon jika da ita.

"Hajiya, yau kuma mutanen gwamnati ne. In ji su fa, wai rumfar nan taki ta miƙe ƙafa da yawa, ta hana ruwa wucewa. Wai in kin samu sarari, nan da ɗan lokaci, ki ɗan ja ta baya."

"In na samu sarari?"

"Haka dai."

"In ban samu ba fa?"

Maganar rushewa ta zo min har baki. Na haɗiye ta.

"Ba za su ji daɗi ba."

Hajiya ta tuntsire da dariya. "Allah sarki, gwamnati ba za ta ji daɗi ba. Ɗauko biro. Ka ce musu na gode da gaisuwa. Ka ce ƙafar rumfata ta girmi wanda ya rubuta takardar. In su ma sun samu sarari, nan da ɗan lokaci, su zo su ci waina, miyar taushe kyauta."

Na rubuta, don ban san yadda zan ƙi ba. Na ninke na sa a aljihu. Mai shayi, wanda shi ma teburinsa ya ɗan hau lambatun, ya leƙo ya ce, "Ashe abin na lallami ne?" Ya ciro tasa takardar ya naɗe burodi da ita.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Kullum da safe in ƙirga da yatsu, in sake ƙirgawa ko na yi kuskure. Har na shiga ruɗanin ko ranar Litinin ɗin tana cikin bakwai ɗin ko ba ta ciki, na tambayi wani akawu da ya zo buga waya, ya ce in ɗauka tana ciki in huta. Ranar Laraba na je na ce, "Hajiya, maganar takardar nan fa." Ta ce, "Sun ba da amsa? Sun ce yaushe za su zo cin wainar?" Ranar Alhamis na ɗaure fuska na ce mata abin da gaske ne. Ta dube ni ta ce wallahi na ƙware, har na iya ɗaure fuska kamar gaske, da can ba haka nake ba. Na lura da abin da na yi wa kaina: wata biyu ina koya mata cewa duk abin da ya fito daga bakina wasa ne. Ranar Juma'a na yi niyyar faɗa mata kalmar rushewa ƙarara bayan masallaci, na tarar da rumfar cike da baƙi, na tsaya, na sayi waina ta ba gaira ba dalili, na dawo.

Ranar Asabar, kwana na shida, wata mata duba-gari ta iso layin da gwangwanin jan fenti, tana sa alama a jikin duk abin da ba a cire ba. 'Yar kudancin Kaduna ce, mai matsakaicin shekaru, da kakinta a goge. Ta tsaya gaban rumfar Hajiya ta gaishe ta da ladabi.

"Sannu da aiki, Mama."

"A'a, maraba da gwamnati! Ashe kun samu sararin. Zauna, 'yata, zauna a kan dakalin nan da ya hana ku barci. Guda nawa za a sa miki?"

Matar ta dubi Hajiya, ta dubi rumfar, ta dubi fentin hannunta.

"Mama, ba a karanta miki takardarmu ba?"

"An karanta mana. Ai har na ba da amsa. Malam mai waya! Zo ga mutanenka."

Na taso na je. Matar ta tambaye ni me na ce takardar ta ce. Na maimaita mata, murya can ƙasa. Da na kai wajen "in kin samu sarari" sai ta ajiye gwangwanin a ƙasa.

"Malam, a wane layi ka ga sarari? Nuna min."

"Babu, ranki ya daɗe. Na ga dai yanzu dimokuraɗiyya ake, shi ne na ce..."

"Ruwan sama ya san an yi zaɓe ne? Bara har cikin ɗakunan mutane ya shiga a layin nan." Ta miƙo min wata takardar daga jakarta. "Karanta mata yanzu a gabana. Yadda take."

Tsoro ya sa na wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Na miƙe ƙam, na tattaro duk manyan kalmomin da na taɓa ji a rediyo da wajen wa'azi.

"Bisa la'akari da tanade-tanaden ƙa'idojin da suka jiɓanci al'amuran muhalli, ana mai jawo hankalin ɗaukacin al'ummar da lamarin ya shafa, dangane da wajibcin gusar da dukkan ababen da suka yi katsalandan..."

"Yau Asabar ce ko Juma'a?" in ji Hajiya. "Huɗuba yake yi?"

Mai shayi ya ce amin.

Duba-garin ta danne dariyarta. Ta ce, "Malam, sauko kaɗan. Ba a ce ka tsorata ta ba, ba a kuma ce ka yi mata wasa ba. Hukuma ce ke magana, to ka bar ta ta yi magana kamar hukuma, amma da Hausar da Mama ke ji. Fara da wanda ya aiko."

Na faɗi sunan ofishin.

"Su wa ake nufi?"

"Duk wanda ya kafa wani abu a kan lambatu."

"To. Kalmar nan da ke gaban cirewa, roƙo ce ko shawara?"

"Umarni ce."

"Ka ce dole, kar ka ce ya kamata. Kwanakin kuma kar ka ce ɗan lokaci, ka faɗi adadinsu, ka faɗi ranar da suke cika. Layin ƙarshen nan da ka tsallake, saboda shi aka rubuta takardar gaba ɗaya."

Na share gumi. Na juya wajen Hajiya, ban yi muryar rediyo ba, ban yi ta jika ba.

"Sanarwa daga ofishin tsabtace muhalli. Ana sanar da duk wanda ya yi gini ko ya kafa rumfa a kan lambatu cewa dole ne ya cire cikin kwana bakwai, daga ranar Litinin da ta wuce. Wa'adin zai cika gobe Lahadi. Duk wanda bai cire ba, hukuma za ta rushe, kuma ba za a sake yi masa wata sanarwa ba."

Na zuba wa Hajiya ido ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta sauke tandar daga wuta a hankali, ta goge hannu da gefen zane.

"Rushewa."

"Eh, Hajiya."

"Tun Litinin ka san da wannan?"

"Na ji tsoron jininki ne."

"Jinina? In suka rushe rumfar, jinin zan soya in sayar?" Ta juya wajen matar. "'Yata, jibi da safe za su zo?"

"Da sassafe, Mama. In ƙafafun nan biyu da dakalin sun bar kan lambatu, babu mai taɓa miki komai." Ta sa jan fenti a ƙafafun biyu da dakalin, ta wuce wajen mai shayi, wanda tuni ya fara jan teburinsa yana cewa shi dama bai yarda da fassarata ba.

Hajiya ta juya min baya ta mayar da tandar kan wuta. Na naɗe lemata, na kashe waya, na tafi neman kafinta. Na farko ya tafi biki Unguwar Mu'azu. Na biyu ya ce sai Talata. Ina dawowa da la'asar hannu rabbana, sai ga Oga ya sauko daga mota da kwalayen kayansa. Ya ga jan fenti, ya ga fuskata, bai ma tambaya ba.

"Malam, ka sake sa wa magana rawani?"

"A'a, wannan karon cirewa na yi."

"Chineke! Wanda ke buƙatar rawani ka tuɓe shi o."

Ya ce gobe in ya dawo daga coci za a yi aikin, ba sai an kwance rumfar ba. Haka aka yi. Ranar Lahadi da rana ya zo da jak biyu na ɗaga mota da wasu bututun ƙarfe. Aka tono ƙafafun rumfar, aka ɗaga ta, aka shimfiɗa katako, aka jera bututun a ƙarƙashi. Ni da shi da mai shayi da wasu masu cin waina biyu muka tura ta tana gangarawa a hankali, langa-langar tana kuka, Hajiya na gefe tana ba da umarni kamar mai gyara wa direba fakin. Sau biyu na ce a tsaya in auna da igiya, don kada ya zama saura ɗan yatsa ɗaya a kan lambatun. A karo na uku Oga ya ƙwace igiyar ya jefa kan rufi.

Dakalin ne ba ya turuwa. Siminti ne, mijinta ya zuba shi da hannunsa. Hajiya ta ce ba za ta bari baƙo ya fasa shi ba. Ta karɓo babbar guduma a garejin Oga, ta miƙo min.

"Kai ka iya sassauta abu. Bismillah."

Na yi ta dukansa har magariba ta gabato, hannuwana suka yi kanta. Mai shayi yana zaune yana ƙirga min bugun da ƙarfi.

Litinin da sassafe motar hukuma ta shigo layin da ma'aikata. Suka rushe rumfuna biyu can sama da namu. Da suka iso ta Hajiya, shugabansu ya duba lambatun, ya ga fili, ya ɗaga mata hannu suka wuce. Na koma ƙarƙashin lemata na zauna.

Sai da Hajiya ta hura wuta na gane inda muka kai rumfar. Bayanta akwai katanga, don haka ba mu iya tura ta baya kai tsaye ba, sai muka karkatar da ita, ta dawo dab da teburina, bakin murhun yana kallon lemata. Hayaƙin farko ya taso ya shige ƙarƙashin lemar ya zauna. Wani mutum da ke buga waya ya fara tari, wanda ke can ɗaya gefen yana tambayarsa ko ba shi da lafiya.

Na leƙa ina hawaye na ce, "Hajiya, ko za a ɗan juya murhun nan?"

Ta zuba ƙullu a tanda, ba ta ko ɗago ba.

"Ka rubuto a takarda, da hatimi. In na ga dama in sa Oga ya karanta min."

Shekara huɗu na yi a cikin hayaƙin nan, har kowa ya mallaki wayarsa, na naɗe lemar na koma sayar da katin waya a Mahuta.